Yadda Za Ka Gane Motar Da Ta Yi Haɗari Aka Gyara Aka Ɓoye

Tambayar da aka fi yi mini a kan sayen motar hannu ita ce: ta yaya zan san ba ta taɓa yin haɗari ba? Mai sayarwa zai ce maka ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba, kuma idan mai gyaran bodi da mai fenti sun iya aikinsu, idonka ba zai ƙaryata shi ba a kallon farko.

Ka fara sanin abin da kake nema. Kusan duk motar da ta daɗe a kan titi an taɓa yi wa bambarta ko ƙofarta fenti, wannan kuwa ba abin tsoro ba ne. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne ko bugun ya wuce fatar bodi ya kai ga ƙashin motar, wato ƙarafan da inji da ƙafafu suke zaune a kai. Alama ɗaya ba ta isa ta gaya maka haka. Sai ka ga fenti da tazarar bodi da cin taya duk suna nuna kusurwa ɗaya, sannan za ka ce ka kama zaren. Saboda haka zan bi da kai mataki-mataki, kuma zan fi tsayawa a kan bugun kusurwar gaba, domin shi ne ya fi ɓoyuwa, shi ne kuma ya fi cin kuɗi daga baya.

1. Kayan aiki da lokacin zuwa

Ka tanadi tocila mai haske sosai, ƙaramin maganaɗisu marar ƙarfi da ƙyalle mai laushi, tef na awo mai milimita, tsofaffin katunan banki guda shida ko bakwai, ma'aunin zurfin zanen taya, da takarda da biro. Kaurin katin banki ɗaya bai kai milimita 1 ba, guda biyar a haɗe suna ba ka kusan milimita 4, da su za ka auna tazarar bodi ba tare da ka ƙwarzane fenti ba.

Duk waɗannan ba su da tsada. Abin da zai ɗan ci kuɗi shi ne na'urar auna kaurin fenti, amma za ka iya aro ko ka tafi da wanda yake da ita. Idan za ka saya, nemi wadda take karanta ƙarfe da alminiyam duka, za ka ga an rubuta Fe da NFe a jikinta. Sai kuma kuɗin da za ka ware na ɗora motar a kan na'urar alaimen, wato mai auna saitin ƙafafun mota, wanda zan zo kansa a gaba.

Ka je da rana, a fili, motar a wanke kuma a bushe, a tsaye a wuri mai daidai.

Gargaɗi: kada ka duba mota da magariba, ko cikin ruwan sama, ko a ƙarƙashin fitilun rumfa. Ruwa yana cike ƙwarzane ya daidaita launi, ƙura kuma tana rufe bambancin fenti. Idan an jingina gefe ɗaya da bango, ka ce a fito da ita tsakiyar fili.

A takardarka ka zana motar daga sama, ka rubuta hagu da dama kamar kana zaune a kujerar direba. Duk abin da ka gani, ka sa masa alama a inda yake. Wannan zanen shi ne zai haɗa maka labarin a ƙarshe.

2. Kallo daga nesa, sannan daga gefe

Ka ja baya kamar taku biyar ka zagaya motar. Kana kwatanta launin kowane ɓangare da na maƙwabcinsa: fenda da ƙofa, ƙofa da ƙofa, bonet da fenda. Launin azurfa da sauran fenti masu ƙyalƙyali su ne suka fi tona asiri, domin ƙwayoyin ƙyallin ba sa kwanciya iri ɗaya a hannun mutum da na injin kamfani, sai ka ga ɓangare ɗaya ya fi duhu idan ka canza wurin tsayawa.

Daga nan ka tsuguna a wajen fitilar gaba, ka kawo fuskarka kusa da bodi, ka hango tsawon gefen motar har baya. Nemi wani miƙaƙƙen abu da yake haskawa a jikin fentin, kamar bakin rufin gini ko sandar fitila. A bodin da ba a taɓa ba, layin zai tafi santal. Inda aka buga aka cike, layin zai yi lanƙwasa ko ya karye. Ka maimaita daga baya zuwa gaba, a gefe biyun.

Gargaɗi: bamba roba ce, kuma ko daga kamfani launinta yakan ɗan bambanta da na ƙarfen da ke kusa da ita. Kada ka yanke hukunci da launin bamba kaɗai.

3. Tazarar da ke tsakanin ɓangarorin bodi

A yawancin motoci tazarar da ke tsakanin bonet da fenda, ko ƙofa da fenda, tana tsakanin milimita 3 zuwa 5. Adadin kansa bai kai muhimmancin abubuwa biyu ba. Na farko, tazarar ta zama ɗaya daga farkonta har ƙarshenta. Na biyu, ta hagu ta yi daidai da ta dama. Motar ita ce ma'aunin kanta, gefen da ba a taɓa ba shi zai nuna maka yadda ɗayan ya kamata ya kasance.

Ka fara da bonet. Zura katunanka a tazarar bonet da fenda a wuri uku: kusa da gilashin gaba, tsakiya, da kusa da fitila. Rubuta kati nawa suka shiga a kowane wuri, ka koma ɗayan gefen ka yi haka. Idan tazarar ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, kamar tsinin mashi, akwai abin da ya goce. Idan ta buɗe a gaban dama kuma ta matse a gaban hagu, wannan ya fi muni, domin yana iya nuna cewa gaban motar gaba ɗaya ya karkata gefe, bonet ɗin ne kawai ya tsaya a inda yake.

Sai tazarar fenda da ƙofar gaba, daga sama har ƙasa. Sai kewayen fitilu, inda fitila take haɗuwa da bonet da fenda da bamba. Nan ne mai gyara yake shan wahala, saboda ɓangarori huɗu ne suke haɗuwa a wuri ɗaya, idan ya daidaita uku na huɗun yakan ƙi.

Bayan faɗin tazara, ka duba tudu. Shafa tafin hannunka daga fenda zuwa ƙofa, daga bonet zuwa fenda. Bai kamata wani ya fi wani tashi ba. Ka dubi layin ado da yake ratsa gefen motar, ya kamata ya tsallaka daga fenda zuwa ƙofa ba tare da ya hau ko ya sauka ba.

Ka buɗe kowace ƙofa ka rufe a hankali. Ƙofar da sai an ɗaga ta ko an buga da ƙarfi kafin ta kama, ko wadda bakinta ya goge fenti a jikin ginshiƙi, tana buƙatar bayani. A tsohuwar mota ƙofar direba takan sauka don hinjinta ya ci, wannan tsufa ne. Idan ƙofar fasinja ce, wadda ba a cika buɗewa ba, ta sauka alhali ta direba lafiya lau, sa mata alama a takardarka.

Gargaɗi: wasu motocin tun daga kamfani tazararsu ba ta cika daidai ba, kuma bambar da ta ɗan saki sau da yawa maƙalinta na roba ne ya karye. Bambancin milimita 1 ba hujja ba ne. Wanda ya kai 2 ko 3, kuma yana tafiya da tsini, shi ne abin bi.

4. Fenti: gefuna, roba da kauri

Mai fenti yana gyara tsakiyar ƙofa don nan ido yake sauka. A gefuna ne aikinsa yake bayyana. Ɗaga robar da ke kewaye da gilashi da ta bakin ƙofa da farcenka, ka haska tocila. Kana neman layin da salatif ya bari, wato ɗan tudu mai kaifi inda sabon fenti ya tsaya a kan tsoho. Shafa yatsa a bakin ƙofa da bakin bonet ta ciki. Na kamfani sumul yake, wanda aka sake yakan yi kaushi.

Nemi feshin fenti a inda bai kamata ya kasance ba: a kan robar gilashi, a kan baƙar robar cikin ramin taya, a kan wayoyi da tiyo a ɗakin inji, a jikin lagireto, a kan takardun da kamfani ya manna a ginshiƙin ƙofa. Kamfani yana fentin bodi ne kafin a ɗaura waɗannan abubuwa, saboda haka ba yadda za a yi fenti ya hau kansu sai a gareji.

Kwantar da hasken tocila a jikin fentin, kada ka haska shi kai tsaye. Za ka iya ganin ƙananan ƙwayoyin ƙura da suka maƙale, ko ɗigon fenti da ya zubo ya bushe a ƙasan ƙofa, ko ƙananan ramuka kamar na allura, ko siraran layukan samfefa a ƙarƙashin ƙyallin. Waɗannan layukan suna nuna an goge fila a wurin, wato abin da ake cike lotsawar ƙarfe da shi, kuma sukan fito ne bayan watanni, lokacin da kayan suka gama bushewa suka ja.

Yanzu na'urar kauri. Fentin kamfani a yawancin motoci yana tsakanin maikiron 80 zuwa 180, maikiron 1000 kuwa su ne milimita 1. Fara da rufin motar, shi ne aka fi barin sa yadda ya zo, ka ɗauki abin da ya ba ka a matsayin ma'auni. Sannan ka auna kowane ɓangare a wuri biyar, kusurwoyi huɗu da tsakiya. Abin da ya ninka na rufi, kamar 200 zuwa 300, an sake masa fenti. Daga 400 zuwa sama ka fara zargin fila, idan kuwa ya kusa 1000 ko ya wuce, fila ce mai kauri, ƙarfen da ke ƙarƙashinta a lotse yake.

Akwai abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Idan aka sa sabuwar fenda, mai fenti yakan watsa launin zuwa cikin ƙofar da ke kusa don kada bambancin ya fito. Sai ka ga ƙofar tana da kauri a bakinta na gaba, kaurin yana raguwa yayin da kake komawa baya. Ƙofar ba ta bugu ba, maƙwabciyarta ce aka canza. Ita kuma sabuwar fendar tana iya ba ka adadi mai kyau, domin sabon ƙarfe ne da fenti shafi ɗaya. Na'ura ba za ta kama ta ba, sai mataki na gaba.

Idan ba ka da na'ura, naɗe maganaɗisu a ƙyalle ka bi da shi a hankali. Inda fila take da kauri, riƙonsa zai yi rauni ko ya faɗi. Ba ya gane fenti shafi biyu, fila kawai yake kamawa.

Gargaɗi: maganaɗisu ba ya kama alminiyam ko roba, kuma akwai motocin da bonet ɗinsu ko fendarsu da waɗannan aka yi su. Gwada ɗayan gefen kafin ka zargi kowa. Kada kuma ka ja shi a kan fenti ba ƙyalle, zai bar ƙwarzane a motar da ba taka ba.

5. Buɗe bonet ka karanta notuna da walda

Wannan shi ne matakin da na fi ba muhimmanci, domin a nan ake rabe gyaran fata da gyaran ƙashi.

A yawancin motoci ana ɗaura fenda da bonet kafin bodin ya shiga fenti, shi ya sa kawunan notunan suke da launin motar. Dubi jerin notunan da suke riƙe da fenda a bakin ɗakin inji, da na hinjin bonet, da na hinjin ƙofofi. Notin da sifana ta taɓa, fentin kusurwoyinsa zai ɓare. Wani lokaci za ka ga da'irar inda ƙaramin faifan da ke ƙarƙashin notin ya zauna da farko, a ɗan gefe da inda yake yanzu. Wasu masu gyaran sukan shafa wa kan notin fenti da buroshi, amma launin da kaurin ba sa yin daidai da na ɗayan gefen. Akwai motocin da notunansu ba su da fenti tun asali, don haka nan ma hagu da dama za ka kwatanta.

Sai ƙarfen da yake riƙe da lagireto da fitilu. Shi ne yake fara karɓar bugun gaba. Duba ko takardun kamfani suna nan a kansa da ƙarƙashin bonet, ko launinsa ya yi daidai da sauran ɗakin inji, ko kunnuwan fitila an like su da gam ko an ɗaure da waya. Fitila ɗaya garau, ɗaya ta yi rawaya, tana nuna an canza ɗaya.

Yanzu haska tocila ƙasa, gefen inji ta kowane ɓangare. Za ka ga dogayen ƙarafa biyu masu kama da akwati sun taho daga ƙarƙashin gilashi zuwa bayan bamba. Su ne ƙashin gaban motar. An yi su ne don su lanƙwashe su shanye bugu, kuma wanda ya lanƙwashe aka ja shi aka miƙe ba ya komawa ƙarfinsa na da. Nemi tamoji a jikinsu, fentin da ya tsage ya fara tsatsa a layi, tabon guduma, baƙin wuta, ko sabon baƙin fenti da aka fesa a gefe ɗaya kawai. Ka bi da ido har bangon cikin fenda, da tudun da kan shokazoba yake ɗaure.

Waldar kamfani ƙananan ramuka ne zagayayyu, girmansu ɗaya, tazararsu kusan ɗaya. Waldar gareji takan zama tudu, ko a goge ta ta baje, ko ka ga wurin sumul babu ramukan alhali ɗayan gefen yana da su. Haka gam ɗin da ake bi da shi kan haɗin ƙarfe: na kamfani yana tafiya da tsari ɗaya kuma ya yi tauri, na gareji za ka ga sawun yatsa ko buroshi, wani lokaci farce yana shiga cikinsa.

Kafin ka tashi, leƙa ƙarƙashin ƙofofi, inda siririn bakin ƙarfe yake bi tsawon motar. Idan an taɓa ɗaure motar a kan injin jan shasi, maƙalan injin sukan bar sawun haƙora a jere a wurare huɗu. Jak ma yana lanƙwasa wannan bakin, amma ba ya barin haƙora a jere.

A baya aikin gajere ne: ɗaga shimfiɗar but, ciro safaya, ka duba ramin ko akwai tamoji, sabon gam, ko ruwa kwance.

Gargaɗi: inji a kashe, makulli a hannunka. Fankar lagireto tana iya tashi da kanta idan inji da zafi.

6. Abin da tayoyi suke faɗa

Murɗa sitiyari har ƙarshe don ka ga faɗin tayar gaba duka, domin cin da ya fi muhimmanci a gefen ciki yake, inda ba a gani daga tsaye. Auna zurfin zane a wuri uku a kowace taya: waje, tsakiya, ciki. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana da kusan milimita 8, kuma idan ta sauka zuwa 1.6 ta ƙare.

Ba kowane ci ne yake nuna haɗari ba, kuma a nan mutane suke yawan kuskure. Idan gefe biyun sun ci tsakiya ba ta ci ba, ƙarancin iska ne. Idan tsakiya ce ta ci, iska ta yi yawa. Idan cin ya zo rami-rami kewaye da tayar, shokazoba ce ta mutu ko ba a daidaita nauyin tayar ba. Waɗannan rashin kula ne.

Biyu ne suke da alaƙa da abin da muke nema. Na ɗaya, gefe ɗaya ya ci sumul, zanen yana gangarowa daga waje zuwa ciki ko akasin haka, wanda yake nuna tayar ba a tsaye take ba, ta kwanta. Na biyu, ka shafa hannu a faɗin tayar ka ji santsi ta wannan hanya, kaifi ta waccan, kamar haƙoran zarto. Wannan yana nuna tayar tana kallon ciki ko waje, ana jan ta a karkace a kan titi.

Ko a nan ma kwatanci ne alƙali. Idan tayoyin gaba biyu sun ci iri ɗaya, yawanci saiti ne ya goce, alaimen zai gyara. Akwai kuma motocin da aka ƙera tayoyin bayansu da ɗan kwanciya, sai su ci ta ciki dukansu biyu. Amma taya ɗaya tak ta cinye gefe guda, 'yar'uwarta lafiya, kuma a kusurwar da ka riga ka sa wa alamar fenti da noti, wannan ba saiti ba ne, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe.

Karanta shekarun tayoyin. A ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya ɗaya sabuwa a cikin tsofaffi uku, ko rim ɗaya da ya fi sauran sabunta, ka tambayi dalili.

Sai awo na ƙarshe. Miƙe sitiyari sosai, ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a hagu, ka maimaita a dama. Awon tef ba ya rasa kuskuren 'yan milimita, amma bambancin da ya wuce 10 yana nuna an tura taya ɗaya baya. Za ka iya tabbatarwa da yatsu: zura su tsakanin bayan tayar gaba da bakin fenda, ka ga ko adadin da ya shiga a hagu shi ya shiga a dama.

Gargaɗi: mai sayarwa yana iya mayar da tayar da ta ci zuwa baya, ko ya sa ta a matsayin safaya, don haka ka auna duka biyar. Idan kuma an sa sababbi huɗu ana gab da sayarwa, shaidar taya ta goge, sai ka dogara da na'urar alaimen. Ka kula da hannunka, tayar da ta ci sosai wayoyinta sukan fito su yanka.

7. Tuƙi da na'urar alaimen

Kafin ka tayar da inji, murɗa makulli ka ga fitilar jakar iska, wadda wasu motocin suke rubuta SRS, ta kama. Ya kamata ta mutu da kanta bayan 'yan daƙiƙoƙi. Idan ba ta kama ba sam, ko ta mutu a daidai lokacin da fitilar man inji ta mutu, ana iya zargin an yi mata dabara. Ja kowane bel ɗin kujera har ƙarshe ka sake shi, ka ga ko yana komawa.

A miƙaƙƙen titi marar cunkoso, sassauta riƙon sitiyari ba tare da ka sake shi ba, ka ga ko motar tana ja gefe, ko sitiyarin a karkace yake alhali kana tafiya miƙe. Ka sani cewa tafiya miƙe ba ta wanke mota. Ana iya juya saiti har sitiyari ya miƙe, ƙarfen da ya lanƙwashe yana nan yana cin taya.

Saboda haka ka kai ta wurin alaimen da kai ka zaɓa, ka ce a auna kawai kada a gyara komai, a ba ka takardar. Za ka ga Toe, wato kallon taya ciki ko waje, da Camber, wato kwanciyarta, da Caster, wato karkatar layin da take juyawa a kai zuwa gaba ko baya. Na farkon ana saita shi a kowace mota, gocewarsa ba abin tashin hankali ba ne. Biyun ƙarshe, a ƙananan motoci da yawa, kamfani bai bar wurin saita su ba. Idan sun fita daga iyaka a gefe ɗaya, ko bambancin hagu da dama ya wuce kamar rabin digiri, wani abu ne ya lanƙwashe ko ya goce.

8. Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki ƙaramar mota mai ƙofa huɗu, launin azurfa. Daga nesa fendar dama ta ɗan fi ƙofa haske. Tazarar bonet a hagu milimita 4 ce daga sama har ƙasa, a dama kuwa 3 ce kusa da gilashi, 7 kusa da fitila. Rufi ya ba da maikiron 110, duk gefen hagu tsakanin 105 da 120. Bonet 240. Ƙofar gaba ta dama 260 a bakinta na gaba, 150 a bayanta. Fendar dama 130, amma duk notunanta an taɓa su, fitilar dama kuma sabuwa ce.

Zuwa nan abin da muka sani shi ne an bugi kusurwar dama, an canza fenda da fitila, an fesa bonet, an watsa launi a ƙofa. Da a nan labarin ya tsaya, da mota ce da za a iya saye a rage kuɗi.

Sai taya. Ta gaba a hagu ta ba da 6, 6, 5 daga waje zuwa ciki. Ta dama ta ba da 6, 5, 2. Tsakanin tayoyi a hagu milimita 2700, a dama 2685. Wato tayar dama ta koma baya da milimita 15 kuma ta kwanta ciki. Bugun ya kai ƙafa.

Tambayar da ta rage ita ce ina ya tsaya. Abubuwa uku ne suke iya kawo wannan. Hannun ƙasa na ƙafar ko shokazoba ya lanƙwashe, wanda ko faɗawa rami mai zurfi yana jawo shi, kuma kwancewa ake yi a sa sabo. Ko gadon da ƙafafun suke ɗaure a kai ya goce a kan notunansa, wanda ake sassautawa a mayar ko a canza shi. Ko kuma ƙashin motar ne da kansa ya matsa. Ana rabe su ne a kan rami ko a ɗaga motar sama: makanike ya kwatanta hannun dama da na hagu, ya dubi notunan gadon ko akwai sawun inda suka zauna da farko, ya bi dogon ƙarfen dama da tocila da hannu.

A misalinmu, a ce an ga tamoji a dogon ƙarfen dama bayan inda bamba take ɗaure, da sabon baƙin fenti a kansa, da sawun haƙora a ƙarƙashin ƙofofi. Wannan ya bayyana tazarar bonet da ta buɗe zuwa 7: wurin da fendar take zama ne ya goce, shi ya sa mai gyara ya kasa daidaita ta.

9. Yanke shawara

Idan abin da ka samu fenti ne kawai, ko an canza bamba, fenda, bonet ko ƙofa, notuna ne suke riƙe da su, ƙashi kuma lafiya, takardar alaimen ta fito daidai, saya idan motar ta yi maka, ka nemi ragi. Fila mai kauri ka lissafa ta a matsayin aikin da yake jiranka, domin takan tsage ta bar ruwa ya shiga.

Idan ƙafa ce ta lanƙwashe amma dogayen ƙarafan da tudun shokazoba ba su motsa ba, makanikenka ya yi maka lissafin kayan, da aikin, da alaimen, da tayoyi biyu, a cire daga farashi. Mafi kyau ma a yi gyaran kafin ka biya, a sake ɗora ta a na'ura ka ga adadin ya dawo.

Idan kuwa tamoji ko walda ta gareji tana kan dogon ƙarfen gaba, ko tudun shokazoba, ko ginshiƙan ƙofa, ko rufi, ni shawarata ka bar ta ko da an karya maka farashi. Ana iya gyara irin wannan yadda ya kamata, a kan injin awo, a yanke ɓangaren a sa sabo bisa ƙa'idar kamfani, amma wanda ya yi haka yakan ajiye takardun aikin da hotuna, kuma ba ya ɓoyewa. Ka nemi a nuna maka su. Motar misalinmu, da tayarta ta koma baya da milimita 15 bayan an ce an gama gyara, ba ta cikin waɗannan, kuma wanda zai zauna a kujerar gaba ta dama shi ne zai dogara da wannan ƙarfen idan aka sake bugu.